Jari, Ƙwadago ko Inganci: Lissafin Bunƙasar Wata Matatsar Man Gyaɗa a Zinder

Idan abin da masana'anta ke samarwa ya ƙaru da rabi cikin shekara huɗu, kuma a cikin shekarun nan an sayi sabon inji, an ɗauki ƙarin ma'aikata, an sake tsarin aiki, to tambayar da ke biyo baya ita ce nawa ne rabon kowane ɗaya a cikin ƙarin. Wannan nazari ya ɗauki misalin matatsar man gyaɗa guda ɗaya a Zinder, irin wadda ke sayen gyaɗa daga kasuwannin Matamaye da Magarya, ta tatsi mai, ta sayar da shi a jarka a Kasuwar Dole da kewaye, tunkuzar kuma ta tafi wurin masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo. Alƙaluman na misali ne, an tsara su don mai karatu ya iya bin lissafin da kansa, amma matsalolin da suke nunawa su ne ainihin waɗanda duk mai irin wannan lissafi ke cin karo da su, ko a kan masana'anta ɗaya yake aiki ko a kan ƙasa baki ɗaya.

A cikin misalin mutum uku ne ke da ra'ayi. Alhaji mai masana'antar yana ganin sabon injin da ya saya a 2020 shi ne ya kawo ƙarin. Shugaban ma'aikata yana ganin yawan hannu ne, tunda ma'aikata sun tashi daga 20 a 2018 zuwa 26 a 2022, shi ya sa yake neman ƙarin albashi. Ƙanin Alhaji, wanda ke tafiyar da aikin yau da kullum, yana ganin sabon tsarin da ya kawo na tsince gyaɗa da shanya ta kafin a zuba wa inji shi ne silar. Kowannensu yana da wani abu na gaskiya a hannu, kuma aikin lissafin shi ne ya sa wa kowace magana adadi.

Ƙa'idar samarwa da abin da aka ɗauka a cikinta

Lissafin yana farawa da ɗaukar cewa abin da aka samar, Y, ya dogara ne da jari, K, da ƙwadago, L, da kuma wani abu na uku, A, wanda ke nuna yadda ake cin moriyar biyun farko. Siffar da aka fi amfani da ita ita ce ta Charles Cobb da Paul Douglas, waɗanda suka gwada ta a 1928 a kan masana'antun Amurka na 1899 zuwa 1922:

Y = A × K^α × L^(1−α)

Abin lura a nan shi ne lambobin da ke saman K da L, wato α da 1−α, idan an haɗa su ɗaya suke bayarwa. Ma'anar hakan a aikace ita ce idan aka ninka jari sau biyu, aka ninka ƙwadago sau biyu, ba a taɓa A ba, to abin da ake samarwa zai ninku sau biyu daidai, ba ƙari ba ragi. Hujjar da ake kafawa mai sauƙi ce: idan Alhaji ya gina wata matatsa iri ɗaya da ta farko a wata unguwa, ya sa mata inji iri ɗaya da ma'aikata iri ɗaya, babu dalilin da zai hana biyun su ba da ninkin abin da ɗaya ke bayarwa.

Amfanin wannan zato ya wuce sauƙin rubutu. Idan ya tabbata, kuma ana biyan jari da ƙwadago gwargwadon abin da ƙarin kowannensu ke ƙarawa, kamar yadda ake tsammani a kasuwar da babu mai iya tsara farashi shi kaɗai, to kuɗin da aka samu zai rabu kaf tsakanin su biyu ba tare da saura ba, kuma α zai zama daidai da kason jari a cikin kuɗin, 1−α kuma kason ƙwadago. Ke nan ba sai an ƙiyasta α ta doguwar hanya ba, ana iya karanta shi daga littafin kuɗi. Wannan ita ce hanyar da Robert Solow ya bi a 1957. Idan aka ɗauki logaritim na ƙa'idar a shekara biyu aka debe, sai a samu:

gA = gY − α × gK − (1−α) × gL

Kowane g a nan logaritim ne na adadin ƙarshe a raba da na farko, misali gY = ln(Y2022 / Y2018). Ana amfani da logaritim maimakon kashi cikin ɗari na yau da kullum saboda idan canji ya yi girma, kamar rabi ko fiye, kashi-kashin ba sa haɗuwa su ba da jimla daidai, logaritim kuwa yana haɗuwa. Kuma ya kamata a riƙe tun yanzu cewa A ba a auna shi kai tsaye. Saura ne, abin da ya rage bayan an cire rabon jari da na ƙwadago, saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen auna Y, K, L ko α a cikinsa yake taruwa.

Abin da aka samar

Kuskure na farko shi ne a ɗauki cinikin masana'anta a matsayin Y. A 2018 matatsar ta sayar da mai da tunkuza na sefa miliyan 100, amma miliyan 80 daga ciki kuɗin gyaɗa ne da jarkoki da wutar lantarki da gazuwal. Gyaɗar manomi ne ya samar da ita, ba matatsar ba. Abin da jari da ƙwadagon matatsar suka ƙara a kai shi ne miliyan 20, kuma wannan ƙarin daraja shi ne Y, tunda ƙa'idarmu ba ta da gurbin kayan da ake sarrafawa.

A 2022 littafin ya nuna ƙarin daraja na miliyan 36, amma wani ɓangare na wannan tashin farashi ne kawai. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki yawan litar mai da buhunan tunkuza na 2022 a yi musu kuɗi da farashin 2018, a ɗauki yawan buhunan gyaɗa da sauran kayan da aka saya a yi musu haka nan, sannan a debe. Dole a yi wa ɓangarorin biyu daban-daban, domin farashin gyaɗa da na mai ba sa tafiya tare: a shekarar da damina ta yi kyau gyaɗa na iya yin araha alhali farashin mai yana bin na man da ake shigowa da shi daga waje. Da aka yi haka, ciniki ya zama miliyan 140, kayan da aka saya miliyan 110, ƙarin daraja miliyan 30. Saboda haka gY = ln(30/20) = 0.405. Da an yi amfani da miliyan 36, da an samu 0.588, kuma bambancin nan na 0.182 da ya faɗa cikin saura aka kira shi inganci.

Jari

Alhaji yana lissafin jarinsa ne da abin da ya fita daga aljihunsa. Yana da injuna da gini da mota na miliyan 40 a farkon 2018, ya zuba miliyan 43 cikin shekara huɗu, don haka a wurinsa jari ya kai miliyan 83, ya fi ninki biyu. Amma inji yana cinyewa, mota tana tsufa, kuma wani ɓangare na kuɗin da aka zuba maye gurbin abin da ya lalace kawai ya yi. Ana bin jari ne shekara-shekara da wannan ƙa'ida, inda δ ke nufin kason da ke lalacewa a shekara, I kuma sabon jarin da aka zuba, duk da farashin 2018:

K(t+1) = (1 − δ) × K(t) + I(t)

Mun ɗauki δ = 0.10. A 2018 an zuba miliyan 4, wanda ya cike lalacewar miliyan 4 daidai, jari ya tsaya a 40. A 2019 haka nan. A 2020 aka sayi sabon injin tatsa da na ɓare gyaɗa aka faɗaɗa rumfa, miliyan 34, jari ya zama 36 da 34, wato 70. A 2021 miliyan 1 kawai aka zuba, ya sauko zuwa 64. Ke nan jarin da aka shiga 2022 da shi miliyan 64 ne, kuma gK = ln(64/40) = 0.470. Lissafin Alhaji na 83 da ya ba da 0.730, wanda shi kaɗai ya isa ya shafe saurar kusan gaba ɗaya.

Zaɓen δ hukunci ne na mai lissafi. Gini ya fi inji daɗewa, inji ya fi mota, kuma ƙurar hunturu da zafin bazara na Damagaram ba sa tausaya wa ƙarfe. Wanda ke da cikakken littafi gara ya raba jari gida uku, ya ba kowanne nasa δ.

Ƙwadago da rabon kuɗi

Kan mutum ba shi ne ma'aunin ƙwadago ba, sa'ar aiki ce. Ma'aikata shida da aka ƙara na lokacin kaka ne, suna aiki wata takwas a shekara su koma gona da damina. Da aka tara sa'o'i daga rajistar zuwa aiki, 2018 ta ba da 40,000, 2022 ta ba da 48,000. Kawuna sun ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, sa'o'i da kashi 20, kuma gL = ln(48/40) = 0.182.

Wurin da lissafin ya fi saurin karkacewa shi ne α, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Littafin albashi na 2018 ya nuna miliyan 8 da aka biya ma'aikata 16. Idan aka raba da ƙarin daraja na miliyan 20, kason ƙwadago ya zama 0.40, na jari 0.60. Sai dai mutum 20 ne ke aiki a wurin. Sauran huɗun su ne Alhaji da kansa, wanda ke zuwa kasuwannin ƙauye sayen gyaɗa, da ƙaninsa mai tafiyar da aiki, da ƴaƴansa biyu, ɗaya na riƙe da kuɗi ɗaya na gyaran inji. Babu wanda ake rubuta wa albashi a cikinsu, daga riba suke ci. Sa'o'insu suna cikin 40,000 da muka ƙirga, amma ladansu ya ɓuya a cikin abin da littafi ya kira riba, riba kuma ana lissafa ta a kason jari. Wannan rashin daidaito ne: an ƙirga aikinsu a gefen L, an kai kuɗinsa gefen K.

Gyaran shi ne a tambayi nawa za a biya bare ya yi aikin kowannensu. Mai sayen gyaɗa da ya san kaya, da manaja, da ma'aji, da makaniki, mun ƙiyasta su a miliyan 4 a shekara gaba ɗaya. Ladan ƙwadago ya zama miliyan 12 cikin 20, wato 0.60, α kuma 0.40. A 2022, da kuɗin shekarar, ladan ƙwadago har da na iyali miliyan 21.6 ne cikin 36, wato 0.60 kuma. Da kason ya bambanta tsakanin shekarun biyu, al'adar masu wannan aiki ita ce a ɗauki matsakaicinsu. Akwai kuma hanyar duba ko α ɗin ya yi kama da gaskiya: miliyan 8 da ya rage wa jari a kan miliyan 40 kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, rabinsa na lalacewa, rabi na mai jari, adadin da hankali zai ɗauka.

Matsalar ba ta ƙananan masana'antu kaɗai ba ce. Douglas Gollin ya nuna a 2002 cewa ƙaramin kason ƙwadago da ake gani a alƙaluman ƙasashe matalauta yawancinsa daga nan yake fitowa, domin kuɗin masu aikin kansu ana zuba shi a gefen riba, kuma da ya gyara sai kason mafi yawan ƙasashen da ya duba ya faɗa tsakanin 0.65 da 0.80. A ƙasa kamar Nijar, inda manoma da makiyaya da ƴan kasuwa masu cin gashin kansu suka fi masu albashi yawa nesa ba kusa ba, wanda ya ɗauki kason albashi yadda yake a rubuce zai ba jari nauyin da ba nasa ba.

Sakamakon

Yanzu komai ya kammala. Rabon jari shi ne 0.40 × 0.470 = 0.188. Rabon ƙwadago shi ne 0.60 × 0.182 = 0.109. Idan aka cire su biyun daga 0.405, saura 0.108. Cikin bunƙasar da aka samu, jari ya ɗauki kusan kashi 46 cikin ɗari, ƙwadago 27, inganci 27. Idan aka raba da shekara huɗu, bunƙasar kusan kashi 10.1 ce a shekara, 4.7 daga jari, 2.7 daga ƙwadago, 2.7 daga inganci.

Zaton cewa α da 1−α suna haɗuwa su ba da ɗaya yana ba da damar sake duba abin ta fuskar da ta fi shafar shugaban ma'aikata, wato abin da sa'a ɗaya ta aiki ke samarwa. Idan aka raba ƙa'idar da L, abin da ya rage shi ne y = A × k^α, inda y ke nufin abin da aka samar a sa'a, k kuma jarin da ke bayan kowace sa'a. Sa'ar aiki ta tashi daga samar da sefa 500 zuwa 625, logaritim ɗinsa 0.223. Jarin kowace sa'a ya tashi daga 1,000 zuwa 1,333, logaritim 0.288, wanda idan aka ninka da 0.40 ya ba da 0.115. Saura 0.108, daidai da na farko, kamar yadda ya wajaba. Ke nan ƙarin abin da ma'aikaci ke samarwa a sa'a kusan rabi daga ƙarin kayan aiki ne, rabi daga inganci. Solow, da ya yi irin wannan lissafi a kan Amurka ta 1909 zuwa 1949, ya tarar abin da sa'ar aiki ke samarwa ya ninku sau biyu, kuma kashi 12.5 cikin ɗari kawai ya iya jingina wa ƙarin jari, sauran 87.5 suka tafi ga saura. Alwyn Young kuma a 1995 ya sami akasin haka ga Singafo ta 1966 zuwa 1990: bunƙasa mai sauri ƙwarai, amma inganci na ƙaruwa da kusan kashi 0.2 kawai a shekara, ragowar duk tara jari ne da ƙarin ma'aikata da ilminsu.

Yana da kyau a ga yadda sakamakon ke motsi idan aka bi hanyoyin da muka ƙi. Da an yarda da littafin albashi aka ɗauki α = 0.60, rabon jari zai hau zuwa 0.282, na ƙwadago ya sauka zuwa 0.073, saura ya koma 0.051, ƙasa da rabin abin da muka samu. Dalilin a fili yake: jari ya fi ƙwadago saurin ƙaruwa, don haka duk nauyin da aka ɗauke daga ƙwadago aka ɗora wa jari yana ƙara abin da ake cirewa. Da kuma an haɗa wannan da ƙirga kawuna, inda gL zai zama 0.262, saura zai rage 0.018 kawai, a ce tsarin ƙanin Alhaji bai tsinana komai ba. Littafi ɗaya ne, shekaru ɗaya, amma inganci na iya fitowa kashi 27 na bunƙasa ko kashi 5, gwargwadon shawara biyu da mai lissafi ya yanke kafin ya taɓa na'urar lissafi.

Me ke cikin saurar

Ko bayan an yi komai daidai, 0.108 bai faɗi sunan kowa ba. Moses Abramovitz tun 1956 ya siffanta irin wannan saura da cewa ma'aunin abin da ba mu sani ba ne, kuma a ganina duk rahoton da ya kira shi ci gaban fasaha kai tsaye ya yi gaggawa. Amma a masana'anta ɗaya ana iya leƙa cikinsa fiye da yadda ake iyawa a ƙasa.

A 2018 kayan da aka saya kashi 80 cikin ɗari ne na ciniki. Da wannan rabo ya tsaya, cinikin miliyan 140 na 2022 da ya ci kaya na miliyan 112, ba 110 ba, ƙarin daraja kuma da ya zama 28 maimakon 30. Logaritim na 30 a kan 28 shi ne 0.069, kusan kashi biyu cikin uku na saurar. Wato mafi yawan abin da muka kira inganci ya fito ne daga abu ɗaya: kowane buhun gyaɗa yana ba da ɗan ƙarin mai fiye da da. Ragin bai kai kashi 2 cikin ɗari na kayan da ake saya ba, amma saboda ƙarin daraja kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na ciniki, ɗan ragin ya yi girma a kansa.

A nan ne gardamar ƴan'uwan biyu ta dawo, kuma lissafin ba zai raba ta ba. Ƙanin zai ce gyaɗar da aka tsince aka shanya ta fi ba da mai, gaskiya ne. Alhaji zai ce sabon inji ya fi tsohon matsewa, yana barin mai kaɗan a tunkuza, shi ma gaskiya ne. Mun auna jari da kuɗin da aka saye shi, don haka idan injin miliyan ɗaya na yau ya fi injin miliyan ɗaya na da aiki, fifikon ba ya shiga K, cikin A yake faɗawa. Dale Jorgenson da Zvi Griliches sun yi wannan jayayya a 1967, cewa idan aka auna ingancin jari da na ƙwadago da kyau saurar na raguwa ƙwarai. Abin da zai raba gardamar a matatsar ba ƙa'ida ba ce, lokaci ne: an kafa injin a 2020, an fara tsincewa da shanyawa a 2021, saboda haka rajistar litar mai a kan kowane buhu, wata-wata, za ta nuna a wane lokaci adadin ya ɗaga.

Akwai kuma zaton ninki daidai da ninki, wanda ya fi rauni a masana'anta ƙarama fiye da a ƙasa. Mai gadi ɗaya ne ko ana tatsar buhu ashirin a yini ko talatin, sikeli ɗaya ne, tafiyar Alhaji zuwa Magarya ɗaya ce ko motar ta dawo rabi ko cike. Idan haka ne, faɗaɗa aiki shi kansa yana ƙara amfani. A ɗauka lambobin da ke saman K da L idan an haɗa su 1.1 suke bayarwa maimakon 1. Haɗaɗɗen ƙarin jari da ƙwadago 0.297 ne, idan aka ninka da 1.1 ya zama 0.327, saura ya sauko zuwa 0.078. Bambancin na 0.030 ladan girma ne, ba na wata sabuwar dabara ba, kuma zai tafi idan aiki ya ragu. Alamar da ake gane shi da ita ita ce saurar ta riƙa hawa duk shekarar da aiki ya yi yawa, ta riƙa sauka duk shekarar da ya yi kaɗan.

Wani abin da muka bari a waje yana jan sakamakon ta ɗaya gefen. Matatsar na sayen gyaɗa da yawa a kaka lokacin da take araha ta ajiye, kuma kuɗin da ke kwance a sito jari ne kamar inji. Idan matsakaicin abin da ke sito miliyan 20 ne a 2018, ya ƙaru tare da yawan kayan zuwa 27.5 a 2022, jimlar jari za ta tashi daga 60 zuwa 91.5, gK ya zama 0.422, rabon jari 0.169, saura 0.127.

Shekarar 2023

Shekara ta gaba ta kawo gwaji na daban. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar a farkon Agusta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ba ta dawo ba sai farkon 2024, kuma yankin Zinder da Maraɗi na cikin masu shan wuta ta layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa. A misalinmu jari ya tsaya a miliyan 64, domin abin da aka zuba a 2022 ya cike lalacewa ne kawai. Sa'o'in da aka biya sun tsaya a 48,000, domin Alhaji bai sallami kowa ba, yana tsoron kada ya rasa waɗanda suka iya aiki. Ƙarin daraja kuwa ya sauka daga miliyan 30 zuwa 27. Tunda gK da gL sifili ne, ƙa'idar ta zuba faɗuwar duka, −0.105, a kan inganci, kamar dai matatsar ta manta kusan duk abin da ta koya cikin shekara huɗu.

Babu wanda ya manta komai. Abin da ƙa'idar ke buƙata shi ne aikin da jari ya yi, mu kuwa mun ba ta jarin da ke tsaye a rumfa, bisa zaton cewa biyun suna tafiya tare, zaton da ya karye a wannan shekara. Solow ma ya ga matsalar, shi ya sa ya rage jarin Amurka gwargwadon rashin aikin yi na kowace shekara. A matatsa akwai ma'aunin da ya fi wannan kusa, wato sa'o'in da inji ya juya. Sun sauka daga 2,400 zuwa 1,920, ragin kashi 20 cikin ɗari, logaritim −0.223. Idan aka ninka da 0.40 rabon jari ya zama −0.089, saura ya koma −0.016. Ɗan abin da ya rage yana da bayani: a ranakun da aka tayar da janareto, gazuwal ya ƙara kuɗin kayan da ake saya a kan kowace lita, ƙarin daraja ya ragu ba tare da mai ya ragu ba.

Gyaran nan ma bai cika ba, domin an yi shi ne a gefen jari kaɗai. Ma'aikatan da suka zo suka zauna jiran wuta an biya su sa'o'in da ba su tatsi komai ba, kuma da za a cire waɗannan daga L, saurar na iya komawa sama da sifili, tunda a sa'o'in da wuta ta zo an yi aiki da sauri fiye da kullum. Sannan gyaran yana komawa baya ya taɓa lissafin farko: idan tsohon inji a 2018 yana yawan tsayawa don gyara, sabon kuma a 2022 yana juyawa ba tsayawa, to wani ɓangare na 0.108 ƙarin sa'o'in juyawa ne. Saboda haka shekarun da ake kwatantawa ya kamata su zama masu kama da juna wajen wuta da damina da kasuwa, kuma idan 2018 ce aka kwatanta da 2023 kai tsaye ba tare da gyara ba, gY zai zama ln(27/20) = 0.300, a cire 0.188 da 0.109, ingancin shekara biyar ya fito 0.003.